Yadda ake rubuta wa mai ajiyar dosiyen asibiti imel na neman izinin duba takardun majinyata

Wannan bayani na ɗalibin likitanci ne, ko malamin jinya, ko ungozoma, da ke Damagaram kuma aikin kundinsa ya kai shi ga binciken waiwaye, wato irin binciken da ba a taɓa majinyaci ba, sai dai a koma ga dosiyen waɗanda aka riga aka yi wa magani a ciro bayani. Ko kana tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar André Salifou, ko kana wata makarantar lafiya, dole wata rana ka tsaya gaban mutumin da makullin ɗakin ajiya ke hannunsa. Na daɗe ina duba irin wannan saƙo kafin ɗalibai su aika, kuma abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne: wanda zai karanta saƙonka shi ne zai hau kan kujera ya sauko da ɗaurin takardu daga kanta, kuma shi za a tuhuma in ɗaya ta ɓata. Saboda haka saƙon ya amsa masa tambayoyinsa: waɗanne dosiye, nawa ne, wa ya yarda, yaushe za ka zo, me za ka kwafa, me zai hana sunan majinyaci fita waje.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe. Ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kundinsa a kan hujewar hanji da zazzaɓin taifot ke haddasa wa yara ƴan ƙasa da shekara 15, waɗanda aka yi wa tiyata daga 1 ga Janairu 2021 zuwa 31 ga Disamba 2023. Adadin da zan kawo na misali ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Kayan da za ka tanada kafin ka taɓa waya

Na farko, tsarin bincikenka, wanda ɗalibai ke kira furotokol, da malamin da ke jagorantar kundin ya karanta ya amince. Ka fitar da taƙaitawarsa a shafi ɗaya, domin mai ajiya ba zai karanta shafi 30 ba.

Sai takardar makaranta mai hatimi da ke nuna kai ɗalibinsu ne kuma an ba ka wannan aiki, da takardar izinin darektan asibiti, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Sai takardar ɗibar bayanai, wato fom ɗin da za ka riƙa cikawa ga kowane majinyaci, babu komai a cikinsa tukuna. Sai takardar alƙawarin riƙe sirri da ka sa wa hannu. Sai kwafin katin ɗalibi.

Kana kuma buƙatar adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya. In wanda kake da shi laƙabi ne na wasa da ka buɗe tun kana sakandare, buɗe sabo, minti biyar ne. Da waya mai iya ɗaukar hoton takarda ta mayar da shi PDF. In ba ka da ordinata, waya ta isa, amma ka fara rubuta saƙon a takarda ka gyara shi kafin ka buga.

1. Ka san wa ke ba da izini, wa ke buɗe ƙofa

Nan ne yawancin masu farawa ke ɓata sati biyu. Mai ajiyar dosiye amana aka ba shi, ba shi ke da ikon yarje wa wani ya yi bincike ba. Izini daga shugabannin asibiti yake fitowa, darekta ko wanda ya wakilta, galibi bayan shugaban sashen da majinyatan suka kwanta ya sa hannu. In ka rubuta wa mai ajiya kana roƙon ya ba ka izini alhali ba ka bi ta sama ba, amsa ɗaya ce zai iya ba ka: je ka kawo takardar darekta. Wani ma ba zai amsa ba, don bai ga abin amsawa ba.

Saboda haka ka bi jerin: malamin kundi, makaranta, kwamitin ɗa'a, shugaban sashe, darekta, sannan mai ajiya. A asibiti babba irin Asibitin Ƙasa na Damagaram, takardar neman izinin darekta a rubuce ake kai ta sakatariya, a ba ka shaidar karɓa. Imel ɗin da muke magana a kai yana zuwa ne bayan wannan, kuma abin da yake nema shi ne a aiwatar da izinin: a ba ka rana, wuri, da dosiye.

Kafin ka rubuta, taka da ƙafarka ka tambaya inda dosiyen da kake so suke a zahiri. A wasu asibitoci akwai babban ɗakin ajiya guda, a wasu kowane sashe ke riƙe da nasa a hannun majo, wato babban malamin jinya na sashen. Akan kuma raba: na shekarun baya suna babban ɗaki, na bana da bara suna sashe. In haka ne, mutum biyu za ka rubuta wa. A wannan ziyara ce za ka karɓi cikakken suna da muƙami da adireshin imel na wanda za ka aika wa, ka kuma gaishe shi ido da ido. Saƙon wanda aka taɓa gani ya fi saurin samun amsa.

2. Ka gama da maganar ɗa'a

Majinyatan da za ka buɗe takardunsu ba su san ka ba, kuma ba za ka iya bin yara 200 ƙauye ƙauye daga Matamaye zuwa Gure kana neman yardar iyayensu ba. Abin da ake yi shi ne a nemi kwamitin ɗa'a ya ɗauke maka sharaɗin neman yardar kowane mutum, bisa hujjar cewa ba za a taɓa jikin kowa ba kuma ba za a fitar da suna ba. Kai ba za ka iya ɗauke wa kanka wannan sharaɗi ba, malaminka ma haka, mai ajiya ma haka. A matakin ƙasa akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya, CNERS, a Yamai. Ga kundin ɗalibi, makarantarka ce za ta faɗa maka hanyar da take bi, ko ta nan cikin gida ko sai an aika can. Ka tambaya da wuri, domin wannan mataki ya fi kowanne cin lokaci.

Abubuwa biyu sun isa ka sani na ƙa'ida. Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙungiyar likitoci ta duniya, wadda aka sake gyarawa a 2024, ta shafi har binciken da ake yi da bayanan da za a iya gane mai su, ba gwajin magani kawai ba. Sannan dokar Nijar mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 kan kare bayanan mutane ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ba sai ka cika saƙonka da ambaton dokoki ba, layi ɗaya ya wadatar. Kuma ka tuna, in kana da burin buga sakamakon a mujallar kimiyya, za su tambaye ka amincewar kwamitin ɗa'a, kuma ba a ba da ita bayan an gama aiki.

In takardar kwamitin ba ta fito ba tukuna, kana iya rubuta wa mai ajiya, amma ka faɗi gaskiya: an ajiye buƙata ranar kaza, ana jira, yanzu tambaya kawai kake ko dosiyen shekarun nan suna nan kuma yaya aka jera su. Kada ka rubuta "an amince" alhali ba a amince ba.

3. Ka mayar da taken kundi ya zama buƙatar da hannu zai iya ɗaukowa

A nan zan daɗe, don a nan saƙo ke yin kyau ko ya lalace.

Ɗalibinmu zai so ya rubuta: "Ina son dosiyen masu taifot." Mai ajiya ba shi da kanta mai suna taifot. Dosiye ana jera su ne da sashe, da shekara, da wata, da lambar shiga. In asibitin bai da na'urar da ake neman majinyata da sunan cuta, babu yadda zai gano naka sai ya buɗe dubban takardu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba aikinsa ba ne. Aikinka ne ka kawo masa jerin lambobi.

Jerin daga rajista yake fitowa. Ga wanda aka yi wa tiyata, rajistar ɗakin tiyata ce tushe, domin nan ake rubuta rana, shekaru, cutar da aka gani da aikin da aka yi. Sai a gwada ta da rajistar kwanciya ta sashen tiyata. Ke nan buƙatarka hawa biyu ce, kuma ka rubuta ta haka: da farko izinin duba rajistoci don fitar da jerin lambobi, na biyu izinin duba dosiyen da jerin ya nuna. Wanda ya manta da rajista a takardar da ya kai wa darekta sai ya sake komawa a ƙara masa.

Akwai wani abu da ya shafi cutar kanta. Hujewar hanjin taifot takan faru ne a ƙarshen ƙaramin hanji, galibi a sati na biyu ko na uku na zazzaɓi, kuma sau da yawa sai an buɗe ciki likita ya ga ramin da idonsa ake tabbatarwa. Kafin tiyata, abin da ake rubutawa shi ne kumburin rufin ciki, wanda hujewar afendis ma ke kawowa. In ka nemi waɗanda aka rubuta wa taifot kawai, za ka rasa yara da yawa da rajista ta sa wa sunan da ya fi faɗi. Don haka ka nemi duk yaran da aka yi wa tiyata saboda kumburin rufin ciki, daga baya rahoton tiyata ya tace maka. A cikin saƙon ka buga kalmomin daidai yadda likitoci ke rubuta su, `péritonite` da `perforation iléale`, don kada a yi saɓani. Kowace cuta tana da irin wannan tarko, ka tambayi majo da wane suna aka saba rubuta taka.

Yanzu lissafi. A ce majo ya ƙiyasta maka dosiye 240 a shekaru ukun. Dosiyen tiyata mai rahoton aiki da takardar bin zafin jiki da sakamakon gwaji yakan ci minti 20 in rubutun hannun ya karantu. A awa huɗu za ka yi 12. Raba 240 da 12, kwanakin aiki 20 ke nan. In za ka zo kwana huɗu a sati, Litinin zuwa Alhamis, tunda Juma'a gajeruwa ce, sati biyar ke nan. Ka nemi sati bakwai. Biyun da ka ƙara na dosiyen da za a nema a rasa ne, da ranar da mai ajiya ke da taro, da ranar da kai kake gadi. Ka kuma nemi a riƙa fitar maka da su kashi kashi, 12 zuwa 15 a rana, kana ba da jerin gobe tun yau. Mutumin da ya ga 240 a dunƙule zai ji nauyi, wanda ya ga 12 a rana zai ga abu ne mai yiwuwa.

Ka faɗi kuma abin da za ka kwafa. A misalinmu: shekaru, jinsi, gundumar da aka fito, kwanakin ciwo kafin zuwa asibiti, yawan jini, adadin ramuka a hanji, irin aikin da aka yi (ɗinke ramin, ko yanke wurin a haɗa, ko fito da bakin hanji ta fatar ciki), matsalolin bayan tiyata, kwanakin kwanciya, da yadda aka ƙare: sallama, rasuwa, ko tafiya ba da yardar likita ba. Ka ambaci waɗanda suka rasu a fili, domin a wasu wurare dosiyensu dabam ake ajiyewa, kuma binciken da ya bar su a baya zai nuna tiyata ta fi yadda take nasara.

4. Ka shirya yadda suna ba zai fita ba

"Zan kiyaye sirri" magana ce da kowa ke rubutawa, ba ta gamsar da mai ajiya. Faɗa masa yadda za ka yi. Kowane majinyaci za ka ba shi lambar bincike, P001, P002, haka har ƙarshe, kuma ita kaɗai ce za ta hau takardar ɗibar bayanai. Suna, lambar waya, sunan uba, unguwa ko ƙauye ba za su hau ba. Sunan ƙaramin ƙauye haɗe da shekaru da ranar tiyata ya isa a gane yaro, shi ya sa ake tsayawa a gunduma.

Amma kana buƙatar hanyar komawa ga dosiye in ka ga kuskure. Don haka ake yin takarda guda da ta haɗa lambar bincike da lambar dosiye. Ba ta zama cikin jakarka tare da fom, ba ta hawa waya. Ka ba da shawarar a kulle ta a ofishin mai ajiya ko na shugaban sashe, a lalata ta bayan ka kare kundi. In da Excel ko Epi Info za ka shigar da bayanai, fayil ɗin ya kasance da kalmar sirri.

Sai alƙawura uku da nake so su fito baro baro a kowane saƙo: dosiye ba zai bar ɗaki ba, ba za a ɗauki hotonsa da waya ba, ba za a yi masa fotokofi ba. Maganar hoto ita ce jarabar kowane ɗalibi, don ya ɗauka ya je gida ya cika a nutse. Hoton shafin farko yana ɗauke da sunan yaro da cutarsa, yana iya hawa ma'ajiyar intanet ta waya da kansa, kuma wayar nan ƙannenka na ɗauka. A gari irin namu da kowa ya san dangin kowa, ba ƙaramin abu ba ne. In da aboki zai taya ka cika fom, sunansa ya shiga saƙon, shi ma ya sa hannu a takardar sirri.

5. Rubuta saƙon

A gurbin `À` ka sa mai ajiya shi kaɗai. A `Cc` ka sa malamin kundinka da shugaban sashe, bayan ka sanar da su. Kada ka yi amfani da `Cci`, ɓoye wanda aka aika wa bai dace da saƙon da ke neman amana ba. Kada kuma ka sa darekta a kwafi tun saƙon farko, sai ya zama kamar ka kai ƙara tun ba a yi maka laifi ba.

Takardun ofis a asibitocinmu da Faransanci aka saba yin su, don haka shi za ka yi amfani da shi sai in an ce maka Hausa ta yi. Kan saƙo ya faɗi komai a layi ɗaya:

```
Objet : Demande d'accès aux dossiers, chirurgie, 2021-2023 (thèse de médecine)
```

Ga gangar jikin da Hausa, ka juya ta da harshen da ofishin ke aiki da shi ba tare da ka canza jerin ba. Inda na sa "wane" ko "kaza" ka cika da naka.

> Assalamu alaikum Malam wane, shugaban ɗakin ajiyar dosiye,
>
> Sunana wane, ɗalibin likitanci a shekarar ƙarshe. Ni ne na zo gaishe ku ranar Talata tare da majon sashen tiyata. Ina aikin kundi a ƙarƙashin Dokta wane, a kan hujewar hanji ta taifot ga yara ƴan ƙasa da shekara 15.
>
> Darektan asibiti ya ba da izinin wannan aiki a takarda mai lamba kaza ta ranar kaza, kwamitin ɗa'a kuma ya amince ranar kaza. Dukansu suna haɗe da wannan saƙo.
>
> Ina roƙon ku ba ni damar duba rajistar ɗakin tiyata da ta kwanciya, daga 1 ga Janairu 2021 zuwa 31 ga Disamba 2023, domin in fitar da jerin lambobi. Bayan haka ina roƙon duba dosiyen yaran da aka yi wa tiyata saboda kumburin rufin ciki a wannan tsakani, har da na waɗanda suka rasu. Ƙiyasinmu kusan dosiye 240 ne.
>
> In ya yi muku daidai, zan riƙa zuwa Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 zuwa 1, na tsawon sati bakwai daga ranar kaza, ina duba 12 zuwa 15 a rana. Zan riƙa ba ku jerin gobe kafin in tashi. In waɗannan lokuta ba su dace da aikinku ba, zan bi wanda kuka tsayar.
>
> A ɗakinku zan yi aikin. Ba zan fita da dosiye ba, ba zan ɗauki hoto ko fotokofi ba. Ba zan kwafi suna, lambar waya ko unguwa ba, kowane majinyaci lamba zan ba shi, takardar da ta haɗa lambobin kuma a hannunku za ta zauna. Fom ɗin da zan cika da alƙawarin sirri da na sa wa hannu suna haɗe.
>
> Ko za ku iya ba ni minti goma a wannan sati in zo mu tsayar da ranar farawa? Lambata ita ce kaza.
>
> Na gode da lokacinku. Allah ya taimaka.
>
> Wane, ɗalibi, makaranta kaza

Lura da abin da babu a ciki. Babu tarihin taifot a duniya, babu sakin layi na yabon asibiti, babu "da gaggawa don saura wata ɗaya in kare kundi". Ƙurewar lokacinka ba hujja ba ce a wurinsa, kuma tana nuna za ka yi aikin a gurguje. Babu kuma sunan majinyaci ko guda. Wasu don su nuna sun shirya sukan liƙa jerin sunayen da suka kwafo daga rajista a cikin imel, wannan kuwa fitar da sirri ne tun kafin a fara. Jerin lambobi ma hannu da hannu ake ba da shi.

In mace ce, Malama ko Hajiya wance, yadda ake kiranta a wurin. Ka yi amfani da "ku", ka kuma tabbatar da rubutun sunan. Tambaya ɗaya tak ce a ƙarshen saƙon, kuma da gangan ne: a ba shi abin da zai iya amsawa da "zo ranar Laraba".

6. Haɗa takardu

Kowace takarda PDF guda, hatimi da sa hannu suna fitowa sarai. Ka ɗauki hoton da rana kusa da taga, takardar a shimfiɗe. Ka rage nauyinsu, duka kada su wuce mega biyu ko uku, domin wataƙila a waya zai buɗe. Ka ba su suna da lamba:

```
01_Autorisation_Direction.pdf
02_Avis_Ethique.pdf
03_Resume_Protocole.pdf
04_Fiche_Collecte.pdf
05_Engagement_Confidentialite.pdf
```

Kafin ka aika, duba cewa shekarun da ke takardar darekta su ne ke cikin furotokol, su ne ke cikin saƙo. Ɗalibi yakan ƙara shekara guda bayan an sa hannu don adadi ya ƙaru. Mai ajiya mai lura zai tsaya a kan abin da darekta ya sa wa hannu, kuma yana da gaskiya. Aika wa kanka saƙon da farko ka buɗe kowane fayil.

7. Aikawa da bibiya

Aika da safiyar Litinin ko Talata. A ranar ko washegari ka buga saƙon da takardun a takarda ka kai da hannu, kwafi biyu, a sa maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Da yawa daga ofisoshi ba kullum ake buɗe imel ba, kuma takarda mai hatimi ce ake sawa a fayil.

In ba shi da imel na aiki, takardar hannu ta zama ita ce buƙatar, ka aika imel ɗin ga sakatariyar asibiti don a sami shaida. In ya ce ka turo ta Watsap, tura saƙon da takardun izini, amma komai da ya shafi majinyaci kada ya bi ta nan.

In sati ya cika shiru, ka amsa a kan saƙonka na farko da layi biyu: gaisuwa, tunatarwa, da tambayar ko akwai takardar da ta rage. In wani satin ya wuce, je da kanka, da safe. Sai bayan wannan ne za ka gaya wa malaminka ya kira. Ka yi la'akari da lokaci: daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitoci, in dosiyenka a hannun majon sashen yara suke, jinkiri a wannan lokaci ba ƙi ba ne. In wani ya nuna maka akwai kuɗin da ake biya, tambaya ko ƙa'idar asibiti ce, ka biya a akwatin kuɗi ka karɓi rasit. Abin da ba shi da rasit ka kai maganarsa ga malaminka.

8. In amsa ta zo

In an yarda, ka nemi a rubuta, ko da layi ɗaya ne a imel ko sa hannu a kan kwafinka. Ranar farko ka zo da littafin da za ku riƙa sa hannu ku biyu: dosiye nawa aka fitar, nawa aka mayar. Ka mayar da kowane a jerin da ka same shi, kada ka rubuta komai a ciki, kada ka cire ƙusar da ta haɗa shafuka.

In an yarda da sharaɗi, misali kwana biyu a sati maimakon huɗu, sake lissafi nan take: 12 a rana, 24 a sati, dosiye 240 sati goma ke nan. Duba ko takardar darekta tana da wa'adi, in za ka wuce shi ka nemi ƙari tun yanzu.

In aka ce na wata shekara ba sa samuwa, ruwa ya taɓa su ko gara ta ci ko an kwashe su lokacin gyaran gini, kada ka canza shekarun bincike kai kaɗai. Koma ga malaminka, in an sauya a sanar da kwamitin ɗa'a da darekta a rubuce. Wani lokaci rajistar ɗakin tiyata da littafin rahoton aiki sukan cike wani ɓangare na giɓin, amma ba za su ba ka abin da ya faru bayan tiyata ba.

Tun ranar farko ka buɗe shafi na ƙirga uku: dosiyen da rajista ta nuna, waɗanda aka samu, da waɗanda aka samu amma babu rahoton tiyata ko sakamakon ƙarshe a ciki. A ce cikin 240 an sami 205, a cikinsu 150 ne hujewar taifot, 12 daga ciki kuma ba su cika ba, to 138 za ka yi nazari a kansu. Waɗannan lambobi za su shiga babin hanyar bincike, kuma alƙalan kundi za su tambaye ka 35 ɗin da ba a samu ba: ko sun taru a shekara guda, ko yawancinsu na waɗanda suka rasu ne. Rajista za ta iya amsa maka wannan, don haka ka rubuta shekara da sakamakon kowane dosiyen da aka rasa, da lambar bincike kawai, kafin ka mayar da ita.